Goge manhaja ba ya hana cire maka kuɗi

Akwai kuɗin da ke fita daga asusun banki ba tare da mai shi ya san inda suka nufa ba. Alat ne zai shigo, a jikinsa an rubuta GOOGLE da wasu haruffa, ko APPLE.COM/BILL, mutum ya yi ta tunanin ko 'yan damfara ne. Sau da yawa ba damfara ba ce, rajista ce mai sabunta kanta da ya amince da ita a shagon manhajojin wayarsa, ya manta.

Ga yadda abin yake faruwa. A ce ka sauke manhajar gyara hoto. Tana buɗewa ta ce ka gwada kyauta na kwana 3. Ka danna, ka sa yatsa ko lambar sirri, shi ke nan. A ƙasan allon kuwa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa bayan kwana ukun za a riƙa cire, misali, naira 2,500 duk mako. Kuɗin kamar ba yawa, amma a shekara naira 130,000 ke nan. A ganina farashin mako-mako shi ne mafi cutarwa, domin da ƙanƙantar lambar ake ruɗin mutum.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne su goge manhajar su ɗauka an gama. Yarjejeniyar ba a cikin manhajar take ba. Tana cikin asusunka na Google ko na Apple, inda ka ajiye katin banki. Ko ka goge manhajar, ko ka sayar da wayar ma, shagon zai ci gaba da cirewa. Barin kati babu kuɗi shi ma ba sokewa ba ne: shagon yakan sake gwadawa na wasu kwanaki, kuma da zarar albashi ya shigo zai iya ɗaukar nasa.

A wayar Android, buɗe Play Store, ka taɓa hotonka da ke sama ta dama, ka shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions. Nan za ka ga kowace rajista da kuɗinta da ranar da za a sake cirewa. Zaɓi wadda ba ka so, ka danna Cancel subscription, ka bi har ƙarshe. Wani lokaci za a fara tayin ka dakatar na ɗan lokaci. Dakatarwa tana ƙarewa a koma caji, don haka ka kula da abin da kake dannawa. A iPhone, shiga Settings, ka taɓa sunanka a sama, ka zaɓi Subscriptions, ka buɗe rajistar, ka danna Cancel Subscription. Alamar an soke ita ce, inda a da ake nuna ranar sabuntawa, yanzu ranar ƙarewa za ka gani. Abin da ka riga ka biya kuma za ka ci gaba da mora har wa'adinsa ya cika.

Idan gwajin kyauta ne a iPhone, Apple ya ce a soke aƙalla awa 24 kafin ya ƙare. Gwajin kwana 3 ke nan kwana 2 kawai gare ka na yanke shawara.

To, idan ka duba ba ka ga komai ba, alhali ana cirewa fa? Wannan ne ya fi wahalar da mutane. Wayoyinmu da yawa suna ɗauke da adireshin Gmail biyu ko uku: wanda mai shagon waya ya buɗe maka, da naka, wataƙila da na ƙaninka. Rajista tana ƙarƙashin asusun da aka yi ta da shi ne kaɗai, saboda haka ka sauya asusu a Play Store ka duba kowanne. Ka kuma binciki imel ɗinka, domin shagon yana aiko da rasit duk lokacin da ya cire kuɗi. Na Google lambarsa tana farawa da GPA. Ka tuna ko ka taɓa sa katinka a wayar ɗanka ko ta matarka. In duk babu, to wataƙila kai tsaye ka biya kamfanin a shafinsa, kuma can ne za ka soke. Katin waya da ke zarewa kullum kuma wata matsala ce daban, ta kamfanin layi.

Sokewa ba ta dawo da kuɗin da suka riga suka fita, sai ka nema. A Google Play, buƙatar da aka shigar cikin awa 48 da cirewa ta fi samun karɓuwa. Bayan haka yawanci masu manhajar za a tura ka wurinsu. Na Apple ana nema a reportaproblem.apple.com, ka shiga da asusunka, ka zaɓi cajin, ka faɗi dalili, su duba su ba ka amsa.