"A BI TSARIN DA AKA BI A BAYA": UMARNIN DA BA YA NUNA ABIN DA YAKE NUFI

Gabatarwa

Da wuya ɗalibi ya kammala karatunsa bai ci karo da sanarwa irin wannan a allon sashe ba: "A kawo aikin gida ranar Litinin, a bi tsarin da aka bi a baya." Jimlar daidai take ta fuskar nahawu, kuma wanda ya rubuta ta ya san abin da yake nufi. Amma ranar da aka tara aikin sai a tarar kowa da irin kiɗan da ya taka. Wannan maƙala za ta duba dalilin haka ta fuskar harshe, sannan ta ɗauki misali ɗaya daga darasin karin sauti domin nuna yadda ake gano tsarin da ba a nuna ba.

Abin da madanganci yake ɗauka

Mu fara da kalmar "tsarin". Harafin -n da ke ƙarshenta, ko -r a kalma ta mace, aiki biyu yake yi a Hausa. Wani lokaci mahaɗi ne, kamar a "takardar makaranta". Wani lokaci kuma madanganci ne, kamar a "kawo takardar", inda yake nuna cewa an riga an san takardar da ake magana a kanta. Wanda ya ce "kawo takarda" kowace aka kawo masa ta yi. Wanda ya ce "kawo takardar" kuwa, ya ɗauka cewa shi da mai sauraro sun yi tarayya a kan sanin wata takarda guda.

Ke nan madanganci ba ya ɗauke da bayanin abin da yake nuni gare shi. Yatsa ne kawai da ke nuna wani wuri a cikin abin da aka sani tare. Haka "kamar da", "kamar na jiya", "yadda aka saba" da "irin na wancan karon" suke. Idan mai sauraro ya waiwaya bai ga abin da yatsan ke nunawa ba, jimlar ta tashi a fanko, duk da ingancin ginin ta.

A magana baki da baki matsalar ba ta da yawa. Wadda ta ce wa tela, "Malam, ka yi mini irin na wancan karon," tana tsaye a gabansa. Idan ya manta zai tambaya, ko ya buɗe littafin awo, ko ta nuna masa rigar. Sanarwar da aka manna a allo ba ta amsa tambaya. Bugu da ƙari, rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, alhali da shi baki ke rarrabe wancàn, wato abin da ake hange, da wàncan, wato abin da ya yi nisa ko ya shuɗe. A takarda duka biyun "wancan" ne.

Giɓi uku

Idan aka tsefe umarnin, za a ga wurare uku da ya bari a buɗe. Na farko, wane "baya"? Idan aji ya yi aiki uku a zangon, na ƙarshe ake nufi, ko na farko da aka yi wa dogon bayani? Na biyu, me da me ke cikin "tsari"? Ga wani, tsari shi ne bangon aiki da wurin rubuta lamba. Ga wani kuwa, yadda aka jera misalai ne da alamomin da aka sa musu. Na uku, su wa suka bi? Kalmar "aka" tana ɓoye mai aikatawa. Ɗalibin da ya shigo daga aji biyu, da wanda ya sauya sashe, da wanda ke kwance asibiti a makon, duk ba sa cikin wannan "aka".

Misali daga darasin karin sauti

A ɗauka an ce wa aji: "A kawo kalmomi 20, a nuna karin sautinsu da tsawon wasulansu, bisa tsarin da aka bi a baya." A nan giɓin ba ƙarami ba ne, domin masana kansu ba hanya ɗaya suka bi ba.

Littattafan nahawu na Paul Newman, na 2000, da Philip Jaggar, na 2001, suna ɗora ɗan layi a kan dogon wasali. Karin sautin ƙasa suna sa masa alamar da ta gangara dama, faɗau kuma alama mai kama da hula, sannan su bar na sama ba alama. A wannan tsari, garin da mutane ke zaune a ciki shi ne gàrī, garin tuwo kuwa gā̀rī. Kukan hawaye kūkā, itaciyar kuka kūkā̀.

Wasu manazarta kuma ninka dogon wasali suke yi, su ɗora alamar karin sauti a kan na farkon kawai. A wajensu kalmomin nan huɗu su ne gàrii, gàarii, kuukaa da kuukàa. Shi kuwa R. C. Abraham, a ƙamusunsa da aka yi wa bugu na biyu a 1962, layi yake ja a ƙarƙashin wasali don nuna karin sautin ƙasa.

Akwai hanya ta huɗu da ke shigowa aji irin namu ba tare da an gayyace ta ba. Rubutun Yarabanci yana sa wa karin sautin sama alama, ya sa wa na ƙasa alama, ya bar na tsakiya haka nan. Ɗalibin da ya taso da wannan, idan ba a nuna masa komai ba, hannunsa zai rubuta gàrí, ya sa wa gaɓar sama alama, ya kuma mance da tsawon wasali. Idan ya ga kalmar Hausa ba alama, yana iya karanta ta da murya tsaka-tsaki, alhali Hausa ba ta da karin sautin tsakiya.

To, ɗalibai huɗu na iya jin kalma ɗaya daidai a kunnensu, su rubuta ta iri huɗu. Idan mai duba aiki tsari ɗaya ne a ransa, uku daga cikinsu za su ga jan biro a kan abin da suka sani sarai. Nan ne hasarar take: maki ya tafi, kuma ɗalibi ya fara shakkar kunnensa, alhali kunnen ba shi da laifi.

Ana iya gane irin wannan kuskure da sauƙi. Wanda bai iya karin sauti ba, kurakuransa a warwatse suke: ya dace a nan, ya kauce a can. Wanda ya bi wani tsari dabam kuwa, "kuskurensa" iri ɗaya ne tun daga kalma ta 1 har ta 20. Idan aka ga kowane dogon wasali an ninka shi ba fashi, matsalar daga sanarwa take.

Yadda ake gano tsarin

Mataki na farko shi ne neman abin da kansa, wato tsohon aikin da malami ya duba ya sa hannu, ko takardar da ya raba. Bayanin baki daga aboki bai wadatar ba, domin abin da ya tuna zai faɗa, kuma shi ma wataƙila a wajen wani ya ji. A tabbata kuma aikin na darasin nan ne da malamin nan, don malamai biyu a sashe ɗaya kan bi hanya biyu.

Mataki na biyu shi ne yi wa takardar tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. A ce an samu tsohon aiki da layuka uku kamar haka:

1. gàrii (ƘS): wurin zaman jama'a
2. kuukàa (SƘ): itaciya
3. wutaa (SS): abin da ke ƙuna

Daga nan an fahimci abubuwa biyar. Ana ninka dogon wasali. Ana sa wa ƙasa alama a kan wasalin farko. Ba a sa wa sama komai. Ana rubuta jerin karin sautin da manyan haruffa cikin baka, harafi ɗaya ga kowace gaɓa. Sannan ma'ana na biyo baya, kuma da Hausa ake ba da ita.

Mataki na uku, wanda aka fi tsallakewa, shi ne lura da abin da samfurin bai nuna ba. A layukan nan uku babu kalma mai faɗau. Idan "yara" na cikin kalmominka, yâaraa za ka rubuta, kuma a cikin baka FS za ka sa, ko kuwa za ka fasa faɗau ɗin zuwa sama da ƙasa? Samfurin ya yi shiru. Haka kuma bai faɗi ko jerin abacada ake bi ba. G, k, w sun zo a jere, amma kalmomi uku sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Samfuri yana nuna abin da ya faru a cikinsa ne kawai, ba ya rarrabe doka da dace.

A nan ne tambaya ke da amfani, kuma matambayi ba ya ɓata. Sai dai akwai tambayar da ke jawo amsa, akwai wadda ke jawo tsawa. Wanda ya ce, "Malam, wane tsari?" amsar da zai samu ita ce, "Wanda kuka saba." Gara wakilin aji ya je da takarda a hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, ga yadda muka fahimta: ninka wasali, alama a kan ƙasa kaɗai. Faɗau ne ba mu ga misalinsa ba, haka za mu rubuta shi?" Wannan "i" ko "a'a" kawai take bukata.

Idan lokaci ya ƙure ba a samu malamin ba, sai a zaɓi tsari ɗaya a tsaya a kansa, a kuma rubuta layi biyu a saman aikin da ke bayyana ma'anar alamomin. Mai dubawa ko bai so zaɓin ba, zai ga cewa da sani aka yi shi.

Ga mai ba da umarni

Da yawa daga cikinmu gobe su ne malamai, ko editoci, ko masu raba aikin fassara. Gyaran ba ya cin fiye da layi biyu. Maimakon "a bi tsarin baya", sai a ce: "A bi tsarin aiki na 2: a ninka dogon wasali, a sa wa ƙasa da faɗau alama, a bar sama. Misali: gàarii, yâaraa." An ambaci wane aiki, an faɗi abin da ake nufi da tsari, an kuma zaɓi misalan da suka haɗa da wuri mai wuya. Kafin a manna sanarwa, a karanta ta da idon wanda yau ya fara shiga ajin. Idan zai iya yin aikin ba tare da ya nemi kowa ba, ta yi.

Kammalawa

"Kamar na baya" gajerar hanya ce mai kyau tsakanin mutum biyu da suka ga na bayan tare, kuma suka tuna shi iri ɗaya. Da zarar masu karatu sun yi yawa, ko lokaci ya ja, sharaɗin ya rushe. Saboda haka duk inda ɗalibin harshe ya ga madanganci a cikin umarni, ya tambayi kansa: ina abin da yake nunawa? Idan yana hannu, a bi shi. Idan ba ya nan, a nemo shi kafin a ɗora biro a takarda.