Yadda Masanin Abinci Ke Lissafa Kalorin Abincin Mako

Wasiƙar da masanin abinci ke haɗawa da jadawalin abincin mako tana nuna wa mai jadawalin inda kowace lamba ta samo asali. Kalori ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu ne daga abinci, shi ne ake rubutawa kcal a jikin fakiti. Lissafin yana da ɓangare biyu: abin da jiki ke ƙonawa a rana, da abin da ke cikin kwano.

Ana farawa da jiki. Ko mutum ya wuni a kwance, zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa suna cin ƙarfi. Masana da yawa suna ƙiyasta wannan da ƙa'idar Mifflin-St Jeor ta 1990: a ninka nauyi na kilo sau 10, a ninka tsawo na santimita sau 6.25, a haɗa, sannan a cire shekaru sau 5. Namiji a ƙara masa 5, mace a cire mata 161. A ɗauki mace mai shekara 40, nauyinta kilo 80, tsawonta santimita 160. Nauyi ya ba da 800, tsawo 1,000. Idan aka cire 200 na shekaru da 161, saura 1,439. Tunda tana aikin gida da ɗan tafiyar ƙafa, sai a ninka da 1.375, a samu kusan 1,980. Idan rage ƙiba ake nema, akan zaftare wajen 500, a tsayar mata da kimanin 1,500 a rana, wato 10,500 a mako.

Ɓangaren kwano ya fi wuya. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, na furotin ma 4, amma na mai 9. Masani ba ya auna waɗannan da kansa. Yana duba jadawalin sinadaran abinci, kamar wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar domin Afirka ta Yamma a 2012, aka kuma sabunta shi a 2019.

Abincin gida a tukunya ɗaya ake dafa shi, don haka tukunyar ake fara lissafawa. Shinkafa da wake misali ne mai kyau. Ɗanyar shinkafa giram 600, a kan kalori 360 kowane giram 100, ta ba da 2,160. Busasshen wake giram 300, a kan 340, ya ba da 1,020. Tukunyar ke nan tana ɗauke da 3,180. Bayan an sauke sai a sake aunawa, domin hatsin ya sha ruwa ya kumbura, ruwa kuwa ba shi da kalori. Idan dafaffen ya kai giram 2,400, matar kuma ta zuba giram 300, ta ɗauki kashi ɗaya cikin takwas, kusan kalori 400.

A nan ne wasiƙa mai kyau ke tsayawa ta ja kunne. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120. Cokali biyu a kan wannan kwanon sun mai da 400 zuwa 640, alhali ido bai ga abincin ya ƙaru ba. Mai zuba mai kai tsaye daga kwalba yakan wuce haka bai sani ba. Shi ya sa ya kamata a rubuta mai a layinsa daban, haka ma sukarin koko da na fura.

Kuskure na biyu shi ne rikita ɗanye da dafaffe. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da kalori kusan 130 ne kawai. Wanda ya auna ɗanya ya lissafa da lambar dafaffiya zai ci kusan ninki uku na abin da ya rubuta. Dole wasiƙar ta faɗi wanne ake nufi a gaban kowane abinci, ta kuma fassara giram zuwa ludayi ko kofin da ke gidan.

Ba lallai kowace rana ta faɗa daidai kan 1,500 ba; jimillar mako ake dubawa. Kuma duk lissafin ƙiyasi ne, sikeli ne ke tabbatar da shi. Ragin 500 a rana yakan sauke kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya. Idan mako uku ko huɗu suka wuce nauyi bai motsa ba, sai a binciki mai da girman ludayi kafin a taɓa lambar. Mai ciki, mai shayarwa, da mai shan maganin ciwon sukari ba a rage musu kalori sai da sanin likita.