Kwamfuta Ta Hana Sayen Batir: Yadda ERP Ke Tsare Kasafin Sashe

A ce sashen gyare-gyare na wani kamfani ya samu kasafin naira miliyan 12 a bana. Zuwa Satumba an biya miliyan 7. Shugaban sashen yana ganin saura miliyan 5, sai ya rubuta takardar odar batiran sola na miliyan 2. Manhajar ta ƙi karɓa.

Manhajar ERP, wadda ke haɗa saye-saye, sito da lissafin kuɗi wuri guda, ba abin da aka biya kaɗai take ƙirgawa ba. Tana haɗawa da abin da aka ɗauki alkawarin biya. Akwai odar miliyan 3.5 da aka ba ɗan kwangilar gyaran janareta tun Yuli, bai kawo takardar neman biya ba tukuna. Kuɗin suna banki, amma sun riga sun yi mai su. Ainihin saura miliyan 1.5 ne, batiran kuwa sun zarce da dubu 500. Tsofaffin akantocin gwamnati da hannu suke yin wannan lissafi a littafin kasafi, sai dai sau da yawa bayan aikin gama ya gama.

Abin da manhajar za ta yi a nan, kamfani ne ke zaɓa. A ERPNext zaɓin uku ne: `Stop`, `Warn` da `Ignore`. Oracle na da `Absolute` da `Advisory`. A SAP kuwa ana iya sa matakai, misali gargaɗi idan an ci kashi 90, toshewa a kashi 100.

Gargaɗi na da daɗin aiki, amma ma'aikacin da ya saba ganinsa kullum dannawa yake ya wuce bai karanta ba. Toshewa na riƙe kuɗi sosai, ita ma da nata ciwon. Idan aka hana mutum, ba fasa sayen yake ba, hanya yake nema. Sai ka ga batir ya shiga ƙarƙashin kasafin kayan ofis, ko a karɓo kaya da baki, takardar biya ta biyo baya ba oda. Mai binciken kuɗi yana gane haka idan irin waɗannan takardu suka yawaita daf da ƙarshen shekara. A ganina, toshewa ta dace da kayan da za su iya jira, kamar kujeru da tafiye-tafiye. Man janareta da magani a asibiti, gargaɗi ya fi, tare da sanar da shugaban kuɗi nan take.

Kafin a nemi ƙarin kasafi, a fara duba tsofaffin oda. Idan ɗan kwangilar janareta ya gama aikin a miliyan 2.8 amma ba a rufe odar ba, dubu 700 na nan a ɗaure. Da an rufe ta, saura ya koma miliyan 2.2, odar batiran ta wuce.