Layi Biyu a Ƙasan Jadawalin Farashi: OBV da A/D

Mai bin farashin hannun jari a waya yakan ga wasu layuka suna tafiya a ƙasan jadawalin. Biyu daga ciki, OBV da A/D, tambaya ɗaya suke yi: yawan cinikin da aka yi yau, masu saye ne suka fi rinjaye a cikinsa ko masu sayarwa? Amma akwai ranar da ɗaya zai yi sama, ɗaya ya yi ƙasa, kuma babu wanda ya yi kuskuren lissafi.

Joseph Granville, Ba'amurke, shi ya yaɗa OBV a littafinsa na 1963. Hanyarsa ba ta da wuya. Idan farashin rufe kasuwa na yau ya ɗara na jiya, sai a ƙara duk hannun jarin da aka yi cinikinsa a kan jimillar baya. Idan ya gaza, a cire duka. Tashin kwabo ɗaya da tashin naira goma duk ɗaya ne a wurinsa.

Marc Chaikin, wanda ya fito da A/D, bai damu da jiya ba. Abin da yake dubawa shi ne inda farashi ya tsaya da yamma, tsakanin mafi tsadar ranar da mafi arharta:

```
((Close - Low) - (High - Close)) / (High - Low) × Volume
```

A ɗauka wani hannun jari ya rufe jiya a naira 50. Da dare mummunan labari ya fito, da safe aka buɗe a ƙasa. Ya taɓa naira 45, ya kai 47, ya rufe a 46.80, an kuma yi cinikin guda miliyan ɗaya. OBV zai cire miliyan ɗayan nan baki ɗaya, tunda 46.80 bai kai 50 ba. Shi kuwa A/D zai cire 0.20 daga 1.80, ya raba da 2, ya samu 0.8, sai ya ƙara dubu 800. Wanda ya kwana da jarin ya yi asarar fiye da kashi 6 cikin ɗari, amma layin A/D yana nuna kamar ana ta tara kaya. Ramin da ke tsakanin rufewar jiya da buɗewar yau ne ba ya gani. Duk da haka akwai gaskiya a bakinsa: daga safe zuwa yamma masu saye ne suka riƙe kasuwar, abin da OBV ya makance a kansa.

Saɓanin da 'yan kasuwa suka fi sa wa ido shi ne wanda ke tsakanin layukan da farashin kansa. Farashi ya haura inda ya taɓa kaiwa a watan jiya, amma OBV ya kasa kai tudunsa na baya. Ma'anarsa, cinikin ranakun tashi bai rinjayi na ranakun faɗuwa yadda ya kamata ba. Mutane kaɗan ne ke tura farashin. Idan kuwa A/D ne ke gangarowa alhali farashi na hawa, to kullum ana buɗewa da ƙarfi, amma kafin a tashi an sauke kaya, farashi ya rufe kusa da ƙasan ranar. Haka kuma idan farashi na faɗuwa A/D na hawa, akan ce wasu na kwasa a hankali. Wannan zato ne kawai, domin duk hannun jarin da wani ya saya, wani ne ya sayar, kuma layin bai san ko su wane ne ba.

Kafin a gaskata saɓani, ya kamata a koma kan ranakun ɗaya bayan ɗaya. A kasuwar hannun jari ta Legas, NGX, farashi ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa a rana guda. Jarin da ya buɗe a kan wannan iyaka ya yini a nan, mafi tsadarsa da mafi arharsa ɗaya ne, don haka lissafin Chaikin ya zama rabawa da sifili. Manhajoji da yawa sukan bar layin a kwance. Nan OBV ya fi amfani. Amma shi ma yana da tasa cutar: babban ciniki guda tsakanin manyan masu jari biyu, a ranar da farashi ya motsa da kwabo biyar, zai iya cilla layin sama, ya bar shi can tsawon makonni.

Saɓani kuma ba ya faɗin rana. Yakan ɗauki watanni farashi na ci gaba da hawa, wanda ya yi gaggawar sayarwa yana kallo. Shi ya sa masu taka-tsantsan sukan jira farashin da kansa ya faɗo ƙasa da inda ya tsaya a saukarsa ta baya kafin su taɓa jarinsu, musamman idan layi ɗaya ne kaɗai ya bijire.