Shiri na Musamman: Yadda Ake Ganin Fuskar Kwamfutar Gida Daga Nesa

Shirin na yau zai yi bayani ne a kan abin da ake gani a kwamfuta da sunan Remote Desktop, wato tsarin da ke ba mutum damar ganin fuskar kwamfutarsa ta gida tare da sarrafa ta daga wata kwamfuta ko wayar hannu, ko da yana wani gari.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne cewa aikin ba ya barin gida. A ɗauki misalin wani akanta da ya bar kwamfutarsa a kunne a Kano ya tafi Abuja, sai ga buƙatar ya gyara wani lissafi. Idan ya danna lamba 7 a wayarsa, wayar ba ta rubuta komai a cikin takardar lissafin, tana aika ɗan gajeren saƙo ne ta intanet cewa an danna wannan madanni. Kwamfutar Kano ce ke karɓar saƙon, ta rubuta lambar, ta sake lissafin, sannan ta mayar da hoton wurin da ya canza. Takardar da manhajar duk suna Kano, kuma abubuwa biyu kaɗai ke zirga-zirga: umarni yana tafiya, hoto yana dawowa.

A wajen hoton nan ne wahalar take. Fuskar kwamfuta mai girman 1920 sau 1080 tana ɗauke da ƙananan ɗigo fiye da miliyan 2, waɗanda ake kira fiksel, kuma tun da kowane ɗigo yana cin bait 3 don bayyana launinsa, hoto guda ya ɗan wuce megabait 6. Da za a aika shi ɗungurungum sau 30 a daƙiƙa, da an buƙaci fiye da megabait 180 a kowace daƙiƙa, abin da zai cinye datar wata guda kafin a gama shan shayi. Saboda haka manhajar Remote Desktop takan raba fuskar gida-gida, ta kwatanta kowane gida da yadda yake a baya, ta aika waɗanda suka canza kawai bayan ta matse su. Wannan ne dalilin da ya sa rubutu da lissafi ke tafiya lami lafiya ko da layi mai rauni, alhali bidiyo, wanda kusan dukkan ɗigonsa ke canzawa a kowane lokaci, yake sarƙewa. A kan wannan dabara aka gina VNC, wanda aka ƙirƙira a Kambirij ta Ingila a shekarun 1990, kuma RDP, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 1998, shi ma abin da ya canza yake aikawa.

Sai kuma tambayar yadda wayar ke gano kwamfutar. Kwamfutar gida tana bayan rauta ne, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, wadda bisa al'ada ba ta barin baƙon saƙo ya shigo daga waje sai idan daga ciki aka fara nema. Manhajoji irin su TeamViewer da AnyDesk da Chrome Remote Desktop sun warware wannan ta hanyar sa kowane ɓangare ya tuntuɓi sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke tsakiya, ita kuma ta haɗa su, ko ta riƙa isar da saƙonnin idan haɗuwa kai tsaye ta gagara. Shi RDP yana jiran kira ne a ƙofa mai lamba 3389, kuma buɗe wannan ƙofa ga duniya ganganci ne, domin masu kutse na bin ta suna gwada kalmomin sirri dare da rana. Haka nan Windows samfurin Home ba ya karɓar kiran RDP, sai samfurin Pro ko na sama da shi.

Idan matsala ta taso, alamarta kan nuna tushenta. Hoton da ya dusashe yana nuna ƙarancin ƙarfin layi, galibi ƙarfin aikawa na ɓangaren gida, tun da daga can hoton ke fitowa. Idan kuwa hoton garau yake amma harafi na makara bayan an danna shi, jinkirin zuwa da dawowar saƙo ne, wanda sayen ƙarin data ba ya magancewa. Idan manhajar ta nuna ba ta ga kwamfutar ba sam, to mafi yawanci an ɗauke wuta ne, ko rautar ta mutu, ko kwamfutar ta yi barci, shi ya sa ake kashe tsarin barcin kafin a bar gida.