Yadda ake tsabtace kayan aikin asibitin sansani kowace rana

Zuwa ga 'yan'uwa masu aikin sa-kai a ƙaramin asibitinmu, da masu kawo marasa lafiya. Ma'aunin zafin jiki ɗaya kan ratsa hammatar yara da dama kafin azahar, idan ba a goge shi ba sai ya ɗauki cutar wani ya kai wa wani. Mun fassara matakan da ma'aikatan lafiya suka ba mu, a bi su a jere.

1. A wanke hannu da sabulu, a sa safar hannu ta roba mai kauri.

2. A haɗa sabon ruwan jabel kowace safiya. Na jiya a zubar, ya rasa ƙarfi ko da yana wari. A fara duba jikin kwalba. Idan an rubuta 2.6%, kofi 1 na jabel a kofi 25 na ruwa shi ne haɗin goge kaya, wato mililita 400 a lita 10. Na jini ya fi ƙarfi: kofi 1 a kofi 4. Idan lambar kwalbar daban ce, a tambayi nas, kada a yi kintace. A rubuta kwanan wata a jikin bokiti, a rufe, a ajiye a inuwa.

3. A fara gogewa da ruwan sabulu, sannan jabel. Nan aka fi yin kuskure, domin datti yana kashe ƙarfin jabel. Kada a zuba su a bokiti ɗaya.

4. A goge gadon duba marasa lafiya, sikelin jarirai, teburi da mariƙin ƙofa, daga sama zuwa ƙasa, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti. A bar wurin a jiƙe aƙalla minti 1. Sikelin jarirai kuwa a sake bin sa da ruwa zalla, fatarsu ba ta jure jabel.

5. Ma'aunin zafi da abin sauraron ƙirji, a goge su da auduga da sifirit mai 70% bayan kowane mutum, ba sai yamma ba.

6. Inda jini ya zuba, a tsane shi da tsumman da za a zubar, a wanke, a sa haɗi mai ƙarfi, a jira minti 10.

7. Almakashi da hantsaki, a buɗe su, a wanke da sabulu da buroshi har cikin mahaɗa, a ɗauraye, a shanya, a miƙa wa nas ta sa a tukunyar turara kaya. Idan aka ga tsatsa, yawanci an bar su ne cikin jabel.

8. Allura ba a wanke ta, ba a mayar mata da murfi. A jefa ta a kwalin allura, a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu.

9. A wanke tsummoki, a shanya a rana, a cire safa, a sake wanke hannu, a sa hannu a takardar da ke bayan ƙofa.

Wanda allura ta soka ya wanke wurin da sabulu da ruwa, ya gaya wa nas nan take, domin maganin kariya daga HIV dole a fara shi cikin awa 72.