Tallar Ɗaukar Ɗalibai: A Faɗa wa Iyaye Rana da Kuɗi Ƙarara

Da zarar dogon hutu ya kama, sai ka ga takardun talla sun cika bangon unguwa: "Ana ci gaba da sayar da fom! Ƙwararrun malamai, farashi mai rahusa, a hanzarta." Uba zai karanta ya wuce, domin bai samu amsar abin da ke ransa ba: nawa zan biya, yaushe za a rufe, kuma hannun wa zan damƙa ɗana?

Gyaran farko shi ne na kuɗi. A cire "mai rahusa", a rubuta adadi. Mu ɗauki misalin makarantar firamare mai zaman kanta. Fom naira 3,000, kuɗin zango 45,000, yunifom kafa biyu 12,000, littattafai 15,000, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai 2,000. Jimillar abin da sabon ɗalibi zai biya a zangon farko naira 77,000 ke nan, a zango na biyu kuma 47,000, tun da fom da yunifom da littattafai ba a maimaita su. Idan aka rubuta 45,000 kawai, uba zai zo da ita a aljihu, a ce masa da saura 32,000, ya koma gida yana ganin an yaudare shi. A kuma bayyana cewa kuɗin na zango ɗaya ne cikin zango uku na shekara, a faɗi ko ana karɓar biya kashi-kashi, da cewa kuɗin fom ba a mayarwa.

Sai ranaku. "Nan ba da jimawa ba" ba ta taimaki ma'aikacin da ke jiran albashin ƙarshen wata ba. Ranaku huɗu ake bukata: ranar fara sayar da fom, ranar rufewa, ranar jarrabawar gwaji, da ranar komawa makaranta. Kowace a haɗa sunan rana da kwanan wata, kamar "Asabar, 30 ga Agusta, 2025, ƙarfe tara na safe". A duba kalanda kafin a kai maɗaba'a, domin idan rana da kwanan wata suka saɓa, wasu za su zo yau, wasu gobe.

Damuwar iyaye kuwa, magatakardan da ke sayar da fom ya fi kowa saninta, don shi ake yi wa tambayoyin. A tattara waɗanda suka fi maimaituwa, a amsa su a layi ɗai-ɗai: yara nawa ne a aji, ƙarfe nawa ake tashi, akwai katanga da maigadi, wa aka yarda ya ɗauki yaro, kuma makarantar na da rajistar gwamnati? Abin da babu shi kada a rubuta, domin iyaye za su leƙo su gani da idonsu.

Kafin a buga, a ba wata uwa da ba ta san makarantar ba ta karanta. In ta iya faɗin jimillar kuɗi da ranar rufe fom ba tare da ta tambayi kowa ba, tallar ta gyaru. In ta yi tambaya, amsar da aka ba ta ita ce layin da za a ƙara.